"Daga Ina Zan Fara?": Yadda Muke Koya Wa 'Yan Sa Kai Buɗe Magana Da Wanda Ya Kira Ya Yi Shiru

 Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba. Kafin mu shiga, ina so in sanar da ku cewa can gaba za mu taɓo batun mutum ya yi tunanin kashe kansa. In kun san zuciyarku ba ta da ƙarfin wannan a yau, ku ajiye sai wani lokaci, babu laifi.

Bari in fara da kuskurena. A makon farko da na fara ɗaukar waya a layin taimakon da nake aikin sa kai, wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya waya ta yi ƙara. Na ɗauka, na yi sallama. Shiru. Ina jin numfashi, ina jin ƙarar fanka, amma ba magana. Sai na yi abin da kowannenmu yake yi in aka kira shi ba a yi magana ba: "Halo? Halo? Ana jina? Halo?" Can sai wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ina ji." Ni kuma cikin zumuɗi na ce, "Yauwa, mece ce matsalarki?" Sai na ji ƙit, an kashe.

Ban san ko wace ce ba, kuma ban san ko ta sake kira ba. Abin ya daɗe yana cina. Yau ni ne nake horar da sababbin 'yan sa kai, kuma darasin da na fi daɗewa a kansa shi ne minti ɗayan farko, domin a nan muka fi rasa mutane.

To me ya sa mutum zai sa kati, ya nemo lamba, ya kira, sannan ya kasa magana?

Abu na farko da nake faɗa wa 'yan aji shi ne: shirun nan ba wasa ba ne, kuma yawanci ba matsalar sabis ba ce. Wani ya kwana uku yana haɗa jimlar da zai faɗa, da ya ji muryar mutum sai ta watse. Wata tana ɗaki ɗaya da wanda take tsoro, ba ta da halin ɗaga murya. Wani kuma gwada mu yake yi, yana so ya ji irin muryar da za ta amsa kafin ya yanke shawarar ko zai ba ta sirrinsa. Ga kunya da aka raine mu da ita, ga "ka yi haƙuri" da aka saba toshe bakin mutum da shi tun yana yaro. Akwai kuma tsoron hukuma. Sashe na 231 na kundin Finalkod na Arewa ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, da hukuncin ɗauri da zai iya kai shekara ɗaya. Wanda ya taɓa jin haka, dole ya yi ta auna kalmominsa kafin ya furta.

Saboda haka wanda ya kira ya yi shiru ya riga ya yi aiki mai nauyi. Abin da ya rage namu ne, mu sauƙaƙa masa kalmar farko.

Matsalar ita ce mu mutane ba mu iya jira ba, kuma ba mu kaɗai ba ne. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun ɗauki sautin ganawa 74 tsakanin likita da majinyaci. Sun gano cewa likita yakan katse majinyaci bayan kimanin sakan 18 da fara bayaninsa. Wata mai bincike kan koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano malaman makaranta sukan jira kusan sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in suka kai sakan uku, amsoshin ɗalibai sukan ƙara tsawo, har masu shiru a aji su fara magana. Sakan uku fa! Ku gwada ƙirga shi a waya, za ku ji kamar shekara.

Shi ma aikin nan asalinsa saurare ne. Ƙungiyar Samaritans ta Birtaniya, wadda wani limamin coci mai suna Chad Varah ya kafa a Landan a 1953, ta fara ne da shi kaɗai yana ganin mutane. 'Yan sa kai aikinsu su ba masu jira shayi su zauna da su. Sai ya lura da yawa sukan gama zuba wa masu shayin nan damuwarsu, su tafi ba tare da sun buƙaci ganinsa ba. Masu shayin ba su da wata shawara ta ƙwararru. Zama suka yi suka saurara.

Yanzu bari mu zo kan yadda muke koyarwa, mataki-mataki.

Matakin farko shi ne sallama da ba da izini. Ɗan sa kai zai yi sallama, ya faɗi sunan layin, ya ce yana saurare, sannan ya rufe bakinsa. In shiru ya biyo baya, zai ƙirga goma a zuciyarsa, a hankali. Bayan nan ya ce wani abu kamar haka: "Ina nan tare da ku. Ba sai kun yi sauri ba." Ku lura, wannan ba tambaya ba ce. Ba mu nemi komai daga wurinsa ba tukuna, mun dai sanar da shi cewa ba za mu kashe waya ba.

Kun ji na ce "ku"? Da gangan ne. Hausa ba ta barin ka yi wa mutum ɗaya magana sai ka zaɓi "ka" ko "ki", alhali wanda bai yi magana ba, ba ka san ko namiji ne ko mace ba, yaro ne ko dattijo. In ka ce "ki" ga saurayin da ya sha fama da zuciyarsa kafin ya kira, ka gaya masa cewa maza ba sa kiran wannan layin. Saboda haka muna farawa da "ku" na girmamawa. In murya ta fito, sai mu daidaita: "ɗan'uwa", "'yar'uwa", "Malama", "Baba", gwargwadon abin da muka ji. Kuma ba ma tambayar suna a farko. In takardar rahoto tana buƙatar shekaru ko gari, wannan zai jira.

Mataki na biyu shi ne tambayar farko. A nan nake bayyana bambancin tambaya rufaffiya da buɗaɗɗiya. Rufaffiya ita ce wadda amsarta "e" ko "a'a" ce, ko kalma ɗaya: "An dake ki?" Buɗaɗɗiya kuma ita ce wadda take barin mutum ya zaɓi abin da zai faɗa da kuma inda zai tsaya: "Me ke faruwa a wurinki a daren nan?"

Amma akwai tarko a Hausa wanda littattafan horaswa na Turai ba za su gaya muku ba. Tambayoyinmu masu kama da buɗaɗɗu da yawa gaisuwa ce, kuma gaisuwa tana da amsarta da aka haddace. Ka ce wa mutum "Yaya kake?" zai ce "Lafiya lau", ko da hawaye yake yi. "Yaya gida?" "Lafiya." "Ya jiki?" "Da sauƙi." "Ya haƙuri?" "Sai godiya." Ka yi tambaya huɗu, ka sami amsa huɗu, ba ka ji komai ba. Mafi muni, mutumin ya riga ya ce lafiya lau, yanzu sai ya ƙaryata kansa kafin ya faɗi gaskiya. Ba ina cewa a bar gaisuwa ba ne, don wanda bai gaisa ba a wurinmu bai da ladabi. A gaisa a taƙaice, amma ɗan sa kai ya san cewa bai fara aiki ba tukuna.

Tambayoyi uku muke hanawa a minti na farko. Ta ɗaya ita ce tawa: "Mece ce matsalarki?" Tana buƙatar mutum ya tattara rayuwarsa a jimla ɗaya ya sa mata suna, wanda shi ne ainihin abin da ya gagare shi. Ta biyu duk tambayar da ta fara da "me ya sa" ko "don me". Da wannan ake tuhumarmu a gida da makaranta: "Me ya sa ka yi haka?" Kunne yana jin ta sai mutum ya fara kare kansa. Ta uku ita ce jera tambayoyi: "Kina ina, da wa kike, me ya faru?" Wanda ya kasa ɗaukar ɗaya, ka ɗora masa uku.

Abin da muke so shi ne tambaya ɗaya, gajera, wadda babu yadda za a yi a amsa ta ba daidai ba. Muna koyar da su kamar tsani mai hawa uku, ana saukowa ne in na sama ya yi wa mutum nisa.

Hawa na sama, mai faɗi: "Me kuke so mu fara da shi?" ko "Ku fara daga duk inda ya fi muku sauƙi, ko da daga tsakiya ne." In an jira ba amsa, sai a sauko hawa na biyu, a ƙuntata lokacin: "Yaya yinin yau ya kasance muku?" ko "Me ke gudana kafin ku ɗauki waya?" Labarin shekara biyar yana da wuyar farawa, amma na awa ɗaya da ta wuce kowa yana iya ba da shi. In shi ma ya gagara, sai hawa na uku, a tambayi shirun kansa: "Kamar maganar tana da nauyin fitowa. Me ya fi wahala a faɗin ta?" Sau da yawa a nan ake samun amsa irin "Ina tsoron kar a sani", kuma wannan ita ce ƙofar.

Tsakanin kowane hawa akwai jira. Wanda ya sauko tsanin nan duka a cikin sakan ashirin bai yi amfani da shi ba, jera tambayoyi ya yi da murya mai taushi.

Ga yadda atisayen yake a aji. Muna sa mutum biyu su zauna baya da baya don kada su ga fuskar juna, kamar dai a waya. Na uku yana riƙe da agogo, yana rubuta abu biyu: sakan nawa ɗan sa kai ya jira bayan kowace tambaya, da tambayoyi nawa ya yi a minti biyun farko. Wanda yake matsayin mai kira muna ba shi labari a takarda, da umarnin kada ya ce uffan har sai ya ji a ransa an ba shi wuri. Labaran ƙirƙirarru ne, ba ma kawo sirrin mai kira na gaske cikin aji.

A wani zama da muka yi, ni na zama mai kira. Takardata ta ce ni ɗalibi ne da aka kora daga jami'a wata huɗu da suka wuce, ban gaya wa mahaifina ba, kuma har yanzu yana turo kuɗin makaranta. Wadda ta ɗauki wayar wata 'yar'uwa ce mai karatun aikin jinya, mai kirki ƙwarai. A zagayen farko ta yi tambaya tara a minti biyu, kuma jiranta mafi tsawo sakan biyu ne. "Ba ka da lafiya ne? Matsalar gida ce? Ko ta kuɗi?" Kowace na ce a'a ko na yi shiru. Da ta ce "ko ta kuɗi" sai na ce "e", domin in huta. Nan take ta kama hanyar ba ni shawarar neman tallafin karatu. Kun ga illar cankar amsa: mai kira zai karɓi wadda ta fi kusa don ya faranta maka, ku ɓata minti goma a kan abin da ba shi ne ba.

A zagaye na biyu, bayan mai agogo ya karanta mata lissafinta, ga yadda ta kasance.

Ta yi sallama, ta ce tana saurare. Na yi shiru. Ta ƙirga gomanta.

Ta ce, "Ina nan tare da ku. Ba sai kun yi sauri ba."

Na ja numfashi na ce, "Ban ma san me zan ce ba."

Ta ce, "Ba komai ɗan'uwa, da yawa haka suke farawa. Ka fara daga duk inda ya zo maka."

Na sake yin shiru. Mai agogo ya ce sakan goma sha biyu ta jira a nan, kuma daga baya ta ce ji ta yi kamar ta tashi ta gudu.

Sannan ta ce, "Me ke gudana kafin ka ɗauki waya?"

Na ce, "Babana ne ya kira ni ɗazu."

Nan ne wurin da yawanci ake faɗuwa, domin baki yana ƙaiƙayin ya ce "Me ya ce maka? Faɗa kuka yi?" Ita kuwa sai ta maimaita kalmata kawai: "Baba ya kira ka." Ta tsaya.

Na ce, "Ya ce ya turo kuɗin makaranta. Gonarsa ya jinginar."

Ta ce, "Yaya ka ji da ya faɗi haka?"

Wallahi ko da yake wasan kwaikwayo ne, sai da na ji maƙogwarona ya cushe. Daga nan labarin korar ya fito da kansa. Tambaya biyu kacal ta yi, da maimaici ɗaya. Ba ta canki komai ba, kalmomina ta bi.

Yanzu iyakar wannan dabara, kuma ina roƙon ku riƙe wannan sashen fiye da sauran. Tambaya buɗaɗɗiya ta buɗe ƙofa ce, ba ta kowane hali ba ce. Akwai wurare biyu da muke ajiye ta nan take.

Na farko, in alamu sun nuna mutum ba kasa magana ya yi ba, hana shi aka yi. Kana jin raɗa, ko ihun wani a bayansa, ko an ce "ba zan iya magana ba". A nan "faɗa mini yadda kake ji" zalunci ne. Sai a koma rufaffiya: "In akwai wanda kuke tsoro kusa da ku, ku ƙwanƙwasa wayar sau ɗaya. In babu, sau biyu." A Birtaniya ma akwai irin wannan tsari, wanda ya kira 999 a wayar hannu bai iya magana ba ana sa shi ya danna 55 don a haɗa shi da 'yan sanda. In rai yana cikin haɗari a nan Najeriya, lambar gaggawa ita ce 112, kuma dole ɗan sa kai ya sanar da mai kula da aikin daren nan take, kada ya ɗauki nauyin shi kaɗai.

Na biyu, in mutum ya furta magana irin "na gaji da rayuwa", "gara in huta", "ba za ku sake jina ba". A nan ba a kewaye-kewaye. Muna koya musu su tambaya kai tsaye, da natsuwa: "Da ka ce ka gaji da rayuwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Sababbi suna tsoron wannan jimla, suna ganin kamar za su sa wa mutum tunanin. Binciken da aka tattara a kan haka, ciki har da wani nazari na masu bincike a King's College ta Landan a 2014, bai sami shaidar cewa tambayar tana ƙara tunanin ba, har ma ya nuna tana iya rage shi. Muna sa kowa ya furta jimlar da bakinsa sau da yawa a aji har ta daina sarƙe masa. Kuma ba a cewa "Ba dai kana tunanin wani abu marar kyau ba ko?" domin wannan ta riga ta gaya masa amsar da kake so ka ji. Haka nan ba lokacin wa'azi ba ne. Ya san hukuncin, sanin ne ma ya sa ya kasa gaya wa kowa a gida.

Ta yaya ɗan sa kai zai gane buɗewarsa tana aiki? Amsoshi suna ƙara tsawo. Mai kira yana kawo abin da ba a tambaye shi ba. Yana gyara maka magana, ya ce "a'a, ba haushi ba ne, kunya ce", kuma wannan alama ce mai kyau ƙwarai, don ya fara mallakar hirar. Alamar lalacewa kuma ita ce ka ji muryarka ta fi tasa yawa, ko amsoshi sun koma "e", "haka ne", "ba komai". In ka ji "ba komai, na gode", to yana hanyar kashewa. Abin yi shi ne ka amsa laifinka: "Kamar na yi maka tambayoyi da yawa. Bari in yi shiru in saurare ka."

Wani zai ce, to in an yi duk wannan mutum bai yi magana ba fa? Yana faruwa. Kowane layi yana da ƙa'idarsa ta tsawon lokacin da za a zauna da kiran shiru, don akwai wasu suna jiran layi. Akwai kuma maganar kati, domin in layin ba kyauta ba ne, shirun nan kuɗinsa yake ci, kuma ya san haka. Abin da muke nacewa shi ne kada a kashe ba sallama. A ce: "Na gode da kuka kira. Ko ba ku yi magana yau ba, kun yi ƙoƙari. Zan ajiye waya nan da ɗan lokaci, kuma duk sanda kuka shirya ku sake kira, za a ɗauka." A ɗan jira, sannan a ajiye. Wani sai a kira na uku ko na huɗu yake magana, kuma abin da ya ji a na farko ne yake sa ya dawo.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa, ko da ba kwa aiki a kowane layi. In ƙawarki ko abokinka ya ce "akwai maganar da nake so mu yi" sannan ya yi shiru, kada ka ce "lafiya dai ko?" Ka ce, "Ina jinka, fara daga inda ya fi maka sauƙi." Sannan ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka sake buɗe baki. Ka lura da lambar da ka kai kafin bakinka ya fara ƙaiƙayi. Ni a karon farko huɗu na kai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na jiki da na zuciya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.